Na'urar POS kaɗai ko a haɗa da manhajar lissafi?

"'Yan uwa, zan buɗe shagon kayan masarufi, na'urar POS ta ishe ni sanin cinikin rana ko sai na sa manhaja a waya?"

Alhaji aikinsu daban ne ai. Na'urar da Moniepoint ko OPay suke bayarwa kuɗin da ya shigo ta kati da tiransfa kawai ta sani, ba ruwanta da ko sukari ka sayar ko man gyaɗa, tsabar kuɗi kuma ba ta ganinsu sam. Haɗa ta ba wuya, BVN da NIN da takardar CAC, wakili ya kawo maka, ka sa PIN shi ke nan.

Manhaja irin Loyverse ita ce mai cin lokaci a farko, don sai ka zauna ka shigar da kaya ɗaya bayan ɗaya da farashin sayarwa da kuma na sari a gurbin Cost, in ka bar gurbin nan fanko to Gross profit ɗin da za ta nuna maka ƙarya ce, duk cinikin za ta ɗauka riba. Ka ƙara tiransfa cikin Payment types, ka kunna Shifts mai lissafin kuɗin durowa daga buɗe shago zuwa rufewa.

Da dare ake ganin bambancin. A ce yaron shago ya buɗe da canjin 5,000, Net sales ya nuna 86,000: tsaba 41,000, kati 27,000, tiransfa 18,000. An ciri 3,000 na man janareta an rubuta a Pay out. Ke nan Expected cash amount, wato abin da ya kamata a samu a durowa, 43,000 ne, amma da aka ƙirga durowa sai ga 39,500, giɓin 3,500.

Kar ka yi saurin cewa yaro ya yi maka sata. Buɗe tarihin na'urar, kati da tiransfa ya kamata su ba ka 45,000, in ka ga 48,500 to wani ne ya yi tiransfa yaron ya danna Cash cikin sauri, kuɗinka na asusu lafiya lau. In kuwa 45,000 cif ka gani, sai ka tambayi bashi, wanda maƙwabta kan ce "sa min a littafi" aka buga shi kamar an biya. Sai in babu shi ma za ka zaunar da yaro.

Da na'ura kaɗai 48,500 za ka gani ka kwanta da murna, ba abin da zai nuna maka me ya kamata a samu a durowa. Ni dai in kai ne kullum a shagon kuma kayan ba yawa, na'ura da littafi sun isa. In yaro za ka bari, haɗa biyun, kuma wanda na'ura ta ce APPROVED kawai za ka ƙirga, ban da hoton rasit da mai saye ya nuna a wayarsa.