Ido ko manhaja: wanne ke kama fuskar bogi?

"Jama'a, wata mai tallar leshi ta turo min hotonta don in yarda da ita. In sayi manhajar gano hoton bogi ne, ko da ido ma ana ganewa?"

Hajiya, riƙe kuɗinki, ki yi aiki da idonki. Ni ido ne ya fid da ƙanwata a Mabera kafin ƙaramar Sallah. Saura kaɗan ta tura wa wata mai talla kafin alƙalami sai ta kawo min hoton matar, kyakkyawa da ita cikin mayafi. Na buɗa shi da yatsu biyu, na bar fuska na nufi kunne. Na hagu ɗan kunne mai lilo ne, na dama kuwa ɗan ƙwaya ne manne. Bakin mayafin ma ya narke cikin fatar wuya, ba a ganin inda yadi ya ƙare. Dalili shi ne na'urar da ke ƙirƙirar irin waɗannan hotunan bogi ba ta san ana sayen 'yan kunne bibbiyu ba. Tsakiyar fuska ta ƙware a kai, abin da ke gefe kuwa cikewa kawai take yi da abin da ya yi kama. Don haka in namiji ne, dubi zanen hularsa ko ya zagaya daidai, da ƙafafun tabarau ko iri ɗaya ne.

Daga nan sai ƙwayar ido. Mutum na gaske fitila ɗaya ko taga ɗaya ke haska idanunsa biyu, shi ya sa ɗigon hasken kan zo da siffa kusan ɗaya. A hoton nan, ɗaya zagaye ne, ɗaya tsiri. In kina son idonki ya saba, shafin thispersondoesnotexist.com da aka buɗe a 2019 irin waɗannan fuskoki yake fitarwa, kuma za ki lura idanun kullum wuri ɗaya suke zama a hoton.

Manhaja kam na taɓa biya wata guda, na yi da-na-sani. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ƙananan alamun da take nema sun ragu, har hotona na gaske ta ce min na bogi ne.

Sai dai santsin fata kaɗai ba hujja ba ne, 'yan matanmu ma suna goge hoto. Kuma sabbin na'urori sun rage waɗannan kurakurai ƙwarai, wani mayaudarin ma hoton mutum na gaske yake sata. Wannan sai Google Lens, ya nuna miki inda hoton ya taɓa fitowa.

Ki kiyayi mai cewa kyamararta ta lalace, ko mai azalzalar ki wai saura turmi biyu. Ki kira ta ta bidiyo, ta juya kai gefe, ta ɗaga leshin ta warware shi a gabanki. In ta ƙi, ki shiga kasuwa ki taɓa yadi da hannunki.