Rigar raga da zafin Maradi

Ƙanena, ina gaisuwa, a gaida Inna da mutanen gida. Ka ce in aiko maka irin rigar da nake hawa moto da ita a nan Marsai ta ƙasar Faransa, tunda ka fara kabu-kabu. Zan aiko, amma ka fara jin halinta.

Gabanta da bayanta raga ce, iska na ratsawa. Kafaɗu da gwiwar hannu kuwa yadi ne mai kauri, an cusa roba a ciki, don nan ne mutum ke fara dukan kwalta. Mai kyau tana da ƴar takarda ɗinke a ciki da aka rubuta CE da EN 17092, sai harafi A, AA ko AAA gwargwadon jurewarta in an gurzu. Yawancin masu raga A ne, wato na yawon cikin gari. Tawa yuro 120 na saye ta, kusan jika 79 ke nan. In ka ci karo da irinta a gwanjo, laluba kafaɗar, sau da yawa an zare robar, saura ado.

Ga inda gizo ke saƙar. A nan zafin bazara bai cika wuce digiri 35 ba, iskar da ke shiga sanyaya ni take. A Maradi, watan Afrilu da azahar, ma'auni na haura 40, iskar ta fi fatar jikinka zafi. Ragar sai ta riƙa hura maka wuta, gumi ya riƙa bushewa nan take, ka ƙafe ba ka sani ba. Alamarsa ciwon kai da fitsari ja. Dabara ita ce ka jiƙa rigar ciki ta auduga, ka matse, ka ɗora ta ragar a kai. Iskarmu busasshiya ce kafin damina, ruwan na tashi yana tafiya da zafin jiki. In za ka Ɗan Isa, sake jiƙawa kafin ka juyo, ka kuma sha ruwa.

Safar hannu a Faransa dole ce tun 2016, direba da wanda ya goya. Ba ka da ita, tarar yuro 68, kusan jika 45. Da farko na ɗauka neman kuɗi ne, sai ran da na zame a shataletale, tafin hannu ya riga komai isa ƙasa. Fatar safar ta cinye, tawa ta tsira. Dukawanmu za su iya ɗinka maka ta fatar akuya, a ninka tafin, a huda bayan.

Silifa kuwa ka bar wa alwala. Nemi takalmin da ya rufe idon sawu, wanda in ka murɗa tafinsa da hannu biyu ba ya lanƙwashewa, ka tura igiyar ciki kada ta sarƙe giya. Ka turo min awon ƙirjinka, kada robar ta zauna inda ba kafaɗa ba.