Alewar da ba sukari: abin da ta yi wa cikina cikin mako biyar

Na daina cin goro a bara, bayan an auna jinina an ce sukarina ya fara hawa, likita kuma ya ce in rage zaƙi in rage tumbi. Goro ba ya cikin abin da ya hana, ni ne dai na ga tunda ana gyara gara a yi shi gaba ɗaya. To amma bakin da ya shekara ashirin yana tauna ba ya zama haka nan. Shi ya sa da na ga wata alewar minti a wani kanti, an rubuta a ledarta cewa babu sukari a ciki, sai na sayi leda uku, na haɗa da cingam shi ma marar sukari. Na zuba su a durowar tebur ɗina a ofis, inda goro yake zama a da.

Ta fuskar ɗanɗano ba ni da abin cewa. Alewar ba ta kai ta sukari zaƙi ba, amma mintin ya rufe, kuma ba ta barin ɗacin nan da wasu lemukan da ba sukari suke bari a maƙogwaro. Cingam ɗin ma ya fi ta daɗi, yana sa wani sanyi a harshe kamar an ɗiga ruwan randa. Daga baya na san cewa zailitol, wani sinadarin zaƙi da ke cikin cingam ɗin, shi ne ke yin haka, domin idan yana narkewa yakan zuƙe zafi daga baki.

A mako na biyu cikina ya fara ƙugi. Da safe lafiya lau nake tashi, sai bayan azahar ciki ya kumbura har in sassauta mazagin wando. Iska kuwa ba a magana. Wanda yake riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar ya koma sabunta ta sau biyu kafin a ta da salla, ya san irin damuwar da nake nufi. Daga nan sai gudawa, ruwa-ruwa, sau uku ko huɗu tsakanin la'asar da isha'i. Ba zazzaɓi, ba jini, ba amai, kuma ina cin abinci kamar kullum.

Na fara ɗora laifin a kan ruwan leda, na canja. Na ɗora a kan mai abincin bakin ofis, na daina saye, baiwar Allah har ta aiko yaro ya tambaya ko lafiya. Na sha filajil ba tare da kowa ya rubuta mini ba, wanda kuskure ne, kuma bai yi komai ba. Na kai bayan gida aka auna, aka ce ba a ga tsutsa ko wata ƙwayar cuta ba.

Uwargida ce ta fara gano bakin zaren. Wata Alhamis bayan mun sha ruwa ta ce, “Malam, ka lura kuwa ranar Litinin da Alhamis ba ka zaryar bayi? Kuma Asabar da Lahadi ma da sauƙi.” Na yi shiru ina lissafi. Ranakun azumi ba na taɓa durowar nan, ƙarshen mako kuma ba na ofis. Washegari na ɗauki ledar alewar na kai wa wani abokina mai harhaɗa magunguna. Ya juya bayanta, ya karanta, ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ai maganin wankin ciki kake tsotsa. Guda nawa kake sha a rana?”

Abin da aka sa a madadin sukari a alewar nan sunansa sobitol, na cingam ɗin kuma sobitol ne da zailitol. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu foliyol, Turawa kuma suna ce musu shuga alkohol. Wannan suna ya tayar mini da hankali da farko, kamar yadda zai tayar wa kowane Musulmi. Amma babu giya a cikinsu, babu etanol, ba sa sa maye ko an sha buhu. Masana sinadarai ne suka ba su sunan saboda yanayin ginin ƙwayarsu. Sobitol ma yana nan a cikin tuffa da wasu 'ya'yan itatuwa tun asali, a masana'anta kuma daga gulukos ake yin sa.

Dalilin da ya sa kalorinsu ya yi ƙasa shi ne dai dalilin da ya sa suke sa gudawa, kuma wannan ne abin da ban fahimta ba lokacin da nake saye. Sukarin da muke sa wa shayi, ƙaramin hanji yana farfasa shi ya tsotse shi kusan duka, kowane giram ya ba jiki kalori 4. Sobitol kuwa hanji ba shi da wata ƙofa ta musamman da yake shigar da shi, a hankali yake ratsawa, wani ya shiga jini, mai yawa ya wuce. Shi ya sa ake lissafa giram ɗinsa a kalori 2.6, na zailitol a 2.4. Wanda ya wuce ɗin bai ɓace ba, yana nan cikin hanji, kuma yana jawo ruwa zuwa inda yake. Duk wanda ya taɓa barbaɗa sukari ko gishiri a kan yankakken tumatir ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa ya taru a faranti. Haka yake yi, sai dai ruwan daga jikin mutum yake fitowa ya taru a cikin hanji. Idan ya isa babban hanji kuma sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can su samu abinci, su ruɓar da shi, iska ta tashi. Kumburin da ƙugin daga nan suke, gudawar kuma daga ruwan da babban hanji ya kasa mayarwa jiki. Wannan ne ya sa irin wannan gudawa take tsayawa idan mutum ya yi azumi, tunda babu abin da zai jawo ruwan.

Muka zauna muka yi lissafi a bayan takardar magani. A ledar an rubuta foliyol giram 95 a cikin kowane giram 100, wato alewar kusan tsantsar sobitol ce da aka ƙamsasa. Kowace ƙwaya giram 3 ce, ke nan akwai kusan giram 2.8 a cikinta. Ni kuwa ina shan takwas tsakanin goma na safe da la'asar, wajen giram 23 ke nan. Ga cingam guda shida, in an ƙiyasta kowanne a giram ɗaya da kwata, an ƙara bakwai da rabi. Jimilla kusan giram 30 a wuni, yawanci kuma a kan cikin da ba komai sai shayin safe. Mutane da yawa suna fara jin kumburi tun daga giram 10 na sobitol, daga giram 20 zuwa sama kuma gudawa ba abin mamaki ba ce. Yara da masu cikin da ba ya son wargi ba sa ma kaiwa nan.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa faruwa da shi ba. A 2008 wasu likitoci a Balin ta ƙasar Jamus sun ba da rahoton marasa lafiya biyu da suka yi ta fama da gudawa da rama, aka yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Ɗaya budurwa ce 'yar shekara 21 da ta zubar da kilo 11, ɗayan magidanci mai shekara 46 da ya zubar da kilo 22. Ita cingam ne yake ba ta sobitol kusan giram 20 a rana, shi kuma cingam da alewa kusan giram 30, daidai da nawa. Da suka daina, cikinsu ya daidaita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na lissafa ribar. Da a ce alewa takwas ɗin nan ta sukari ce, giram 23 sau 4, kalori 92 ke nan. Ta sobitol kuwa kalori 60. Duk wannan zarya da butar da na yi, abin da na rage a rana kalori 32 ne, kwatankwacin ƙaramin cokali biyu na sukari. Da na rage cokali biyu a shayin safe da na samu wannan ba tare da na zargi mai abinci ba. Kuma sobitol bai wuce kashi 60 cikin ɗari na zaƙin sukari ba, don haka in ana son zaƙi ya kai, sai an ƙara yawansa, ribar ta ƙara raguwa. Zailitol ya fi shi a nan, zaƙinsa kusan ɗaya ne da na sukari.

In za a yi adalci, suna da amfaninsu. Ba sa tayar da sukarin jini da sauri kamar sukari, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori ba sa iya cin zailitol, shi ya sa ake yawan sa shi a cingam da man goge baki. Kuma kamfanin bai ɓoye ba. Da abokina ya nuna mini sai ga gargaɗin a ƙasan ledar, cewa shan da yawa yana iya sakin ciki. A Tarayyar Turai doka ce a rubuta haka a duk abincin da aka ƙara wa foliyol fiye da kashi 10 cikin ɗari. Ƙorafina shi ne “babu sukari” an buga shi da manyan baƙaƙe a gaba, gargaɗin kuma sai da na sa tabarau. Kuma “da yawa” ɗin ba a faɗi ko guda nawa ba ne.

Na daina alewar ranar Juma'a, kafin Lahadi cikina ya koma yadda na san shi. Bayan mako biyu na gwada shan guda biyu bayan abincin rana don in tabbatar, ban ji komai ba sai ɗan ƙugi. Na gwada biyar wata rana, la'asar ta same ni a inda na saba.

Yanzu duk abin da aka ce ba sukari sai na juya bayansa. Sunayen yawanci da “ol” suke ƙarewa, kuma ana sa musu lamba: E420 sobitol ne, E967 zailitol, E965 maltitol wanda aka fi sa wa cakulan, E968 kuma eritiritol. Shi na ƙarshen ya fi sauƙi ga ciki, domin kusan kashi 90 cikin ɗari nasa ƙaramin hanji yana tsotsewa ya fita ta fitsari. Ana kuma samun sobitol a wasu magungunan ruwa, har da na yara, don haka uwa ta duba kwalba in yaro ya fara zawo bayan an fara ba shi sirof. Mai ciwon sukari da ke shan insulin kada ya dogara da irin wannan alewa in sukarinsa ya faɗi ƙasa, ba za ta ɗaga shi da wuri ba. Gudawar da ta zo da jini ko zazzaɓi, ko wadda ba ta tsaya ba bayan an daina kwana biyu ko uku, wannan ba ta alewa ba ce, asibiti za a nufa.

Cingam ɗin na ci gaba da saye, biyu a rana, ɗaya bayan abincin rana ɗaya bayan na dare, kuma zan iya ce wa wani ya saya. Alewar kuwa ba zan ƙara ba. Leda ɗaya da rabi ta rage, na kulle ta a durowa don kada yara su gani, tunda su in sun samu ba guda biyu za su tsaya a kai ba.