Kayan ɗakin 'yarmu sun makara kwana 9, sai aka haɗo ni da takardar ban haƙuri

Tun da nake sayayya a garin Kano, daga Kantin Kwari har Sabon Gari, ba a taɓa rubuto mini takardar ban haƙuri ba sai wannan karon. Abin da muka saba shi ne mai kaya ya ce "Hajiya, a yi haƙuri, kin san yanayin gari," a wuce wurin. Shi ya sa ranar da direban wani kamfanin kayan ɗaki ya miƙo mini farar ambulan a ƙofar gidan amaryarmu da ke Rijiyar Zaki, na buɗe na ga takarda mai tambarin kamfani da sa hannu, wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Har na ce wa ƙanwata, kin ga mutanen nan sun san mutunci. Ba zan faɗi sunansu ba, amma ina son duk mai shirin ba da aikin kayan ɗaki ta ji yadda muka yi.

'Yar yayata ce za a aurar, kuma kun san uwa ba ta shiga hidimar 'yar fari, don haka ni aka damƙa wa kuɗin gado da kujeru da wadirof da madubi. Kuɗin ba nawa ba ne, na dangi ne da aka harhaɗa. Na je shagonsu na zaɓi samfuri, na biya kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami, aka rubuta a rasit cewa kaya za su iso cikin kwana 21, wato ranar Litinin. Jere ranar Laraba, ɗaurin aure Asabar, kai amarya Lahadi. Na ɗauka na bar tazara mai kyau.

Litinin ta zo ta wuce. Na kira, yarinyar da ke ɗaukar waya ta ce ana kan fenti, gobe insha Allahu. Talata ta ce mota ce ba a samu ba. Laraba da safe 'yan jere sun hallara, gwaggonni sun taso tun daga Gwammaja da Kurna, mai labule ya zo da tsaninsa, an dafa abinci an kawo a kuloli, wayar kamfanin kuwa tana ta ƙara ba mai ɗauka. Mun zauna a kan tabarma a falon da babu komai har bayan la'asar. Mai labule ya ce ba zai iya daidaita na ɗaki ba sai ya ga inda wadirof zai tsaya, ya ɗaura na falo ya tafi, kuma da ya dawo daga baya sai da na sake biyan sa kuɗin zuwa. Ranar Juma'a da na tabbatar kayan nan ba za su zo ba, na ɗauki hayar a-kori-kura muka kwaso gado da kujerun wata 'yar uwarmu daga Kabuga, don kada a kai yarinya ɗaki fayau dangin miji suna kallo. Sai Larabar da ta biyo baya kayan suka iso, amarya ta kwana uku a kan gadon aro.

To ga abin da takardar ta ce, don tana gabana nake wannan rubutu: "Zuwa ga abokin cinikinmu mai daraja. Muna matuƙar ba da haƙuri bisa jinkirin da aka samu wajen isar da kayanku, sakamakon wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu. Muna tabbatar muku za mu yi iya ƙoƙarinmu don ganin hakan bai sake faruwa ba. Mun gode da fahimtarku." A ƙasa an sa hannu, an rubuta "Hukumar Gudanarwa." Iyakarta ke nan.

A tsaye na karanta ta ana sauke kaya, ga gajiya, ga murnar sun iso, shi ya sa ta yi mini daɗi. Da daddare ne, da na zauna zan yi wa Yaya lissafin kuɗinta, na sake ɗauko ta don in nuna mata, sai na ga babu abin da zan nuna. Ta karanta ta ɗago ta ce, "To me ya faru?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Me za su rage mana?" Na ce ba su faɗa ba. Ta yi shiru, ta ce Allah ya kyauta. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan zaman tabarmar ranar jere, domin na san akwai masu cewa ni ce ban ba da aikin da wuri ba, ko na riƙe kuɗin. Layi ɗaya da ya faɗi dalili ya isa ya wanke ni a gaban dangi. Takardar ta wanke kamfani, ni kuwa ta bar ni da laifin.

Daga nan na fara ganin sauran ramukan da ke cikinta. Babu sunana, har ma "abokin ciniki" aka ce mini kamar namiji. Babu lambar rasit. Ba a ambaci ranar da aka yi alkawari ba, ba a ambaci kwana 9 ba, "jinkiri" kawai, kamar awa biyu aka makara. Wanda ya sa hannu ba shi da suna balle lambar waya. Duk wanda ya duba ya san takarda ce da aka buga da yawa aka ajiye, duk motar da ta makara a ba direba ɗaya. Wannan kuma ya nuna mini cewa makara ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Wata za ta ce tunda kaya sun zo, me ruwanki da dalili? Da ruwana, domin a aikin katako dalilin jinkiri shi ne yake gaya maka abin da za ka sa wa ido. A watan Agusta aka yi aikin nan, tsakiyar damina. Idan fenti ne ya ƙi bushewa saboda danshi, kuma suka jira har ya bushe, to jinkirin alheri ne gare ni, har godiya zan yi. Idan kuwa ɗanyen katako suka samu suka yi aiki da shi cikin gaggawa, ba yanzu zan gani ba, sai hunturu ya kama ya tsotse ruwan jikinsa, a ga ƙofar wadirof ta karkace ta ƙi rufuwa, mahaɗin gado ya buɗe yana ƙara. Idan ruwa ne ya taɓa allunan nan na garin katako da ake matsewa, gefensu kumbura yake yi, kuma ba ya komawa. Idan kuma aiki suka karɓa fiye da ƙarfinsu suka tura nawa baya don wani ya fi ni biya, to kayan lafiyarsu ƙalau, amma na san ba zan sake kai musu aikin da ke da rana ba. Kowanne da matakin da zan ɗauka. "Dalilan da suka fi ƙarfinmu" bai gaya mini ko ɗaya ba. Kuma an riga an ba ni labari uku: fenti, mota, sannan direba ya ce yadin kujera aka jira daga Legas.

Sai maganar abin da za a yi mini, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kafin a kwance igiya ɗaya daga motar, sai da na tura cikon kashi 30 cif, har da naira 35,000 kuɗin kawowa. Da hannu ɗaya aka karɓi wannan, da ɗayan aka miƙo ambulan. Ni kuwa a-kori-kura zuwa da komawa ta ci naira 40,000, masu ɗauka da kafintan da ya kwance gadon aro ya sake ɗaurawa 18,000, mai labule 7,000. Naira 65,000 ke nan daga aljihuna, don ba zan iya ɗora wa Yaya ba. Ban ce su biya ni duka ba. Da sun rubuta cewa sun yafe kuɗin kawowa, ko sun rage wani abu a ciko, ko ma sun ce duk abin da ya lalace cikin shekara guda za su zo su gyara kyauta, da na ce haƙurin nasu yana da nauyi. Wanda ya ba da haƙuri bai yi asarar ko kwabo ba, ni da aka ba wa ce na biya.

Bayan sati na je shagon da takardar a jaka. Manajan ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, wannan ba zan hana shi ba. Na ce, "Malam, abu biyu na zo ji: me ya faru, kuma me za ku yi a kai?" Ya ce, "Hajiya, ai mun ba da haƙuri har a rubuce, ba kowa ke yin haka ba." Na ce gaskiya ne, amma rubutun bai amsa ko ɗaya ba. Ya ce maganar ragi sai maigida, maigida kuwa ya yi tafiya. A nan na fahimci amfanin takardar a wurinsu: abin nunawa ce idan mutum ya dawo da ƙorafi. Ina jin tsoro suke yi kada su rubuta dalili ko adadin kwanaki ya zama hujja a hannun mai saye. To ai hujjar tana hannuna tun farko, rasit mai kwanan wata da saƙonnin WhatsApp.

Ɗan ƙanena da ya karanta shari'a ya nuna mini cewa dokar tarayya ta kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a gama masa a kan lokaci, kuma a sanar da shi da wuri idan an samu jinkirin da ba makawa. Wannan "da wuri" shi ne abin da na rasa. Masu aikin nan sun san tun sati guda kafin Litinin ɗin cewa ba za su gama ba, kafinta ba ya rasa sanin inda aikinsa ya tsaya. Da a lokacin suka kira suka ce "Hajiya, ba za mu cika alkawari ba, sai rana kaza," da na ɗaga jere, da na nemi aro a natse, da tsofaffi ba su yi zaman banza ba. Kira na minti biyu kafin rana ya fi mini wannan takarda da ta zo bayan an watse. Ɗan ƙanen nawa ya ce in ina so mu kai maganar hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha. Ban kai ba tukuna, na dai rubuta musu tawa takardar, da lambar rasit da ranaku da lissafin 65,000 ɗin, na sa aka karɓa aka sa hannu a kwafina.

Kayan kansu, in faɗi gaskiya, sun yi kyau. Ɗinkin kujerun a tsaftace yake, soson yana da tauri, amarya tana son madubinta. Wanda ba shi da rana a gabansa zai iya ba su aiki. Amma mai biki, ban ba ta shawara ba, sai in za ta ƙara sati biyu a kan ranar da suka faɗa, ta kuma sa a rubuta a rasit abin da za a cire daga ciko a kan kowace ranar makara, kafin ta biya ko sisi.

Yau kwana 12 da kai takardata, ba amsa. Na gaya wa amarya ta riƙa duba ƙofar wadirof ɗin ta hagu, don tun yanzu sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa.