Fara karatu da Hausa ko da Turanci: wanne ya fi wa ɗan aji ɗaya?

"Ni shugabar wata makarantar firamare ce. Iyaye sun ce in dai da Hausa za mu fara koyar da karatu, za su kwashe 'ya'yansu, domin Turanci suka kawo su koya. Mene ne bambancin, kuma me zan faɗa musu?"

Malama, a ɗauki yara biyu 'yan shekara 6 waɗanda Hausa ake yi a gidajensu. Wanda aka fara masa da Hausa aiki ɗaya ne a gabansa, wato ya gane cewa kowane harafi yana tsaye ne a madadin wani sauti. Idan ya san wasula biyar da baƙaƙe kaɗan, irin su k, m, n da z, zai haɗa ka da za ya furta kaza, kuma nan take ya san abin da ya karanta, domin ya baro ta a tsakar gida. Idan ya yi kuskure ya ce kazi, kunnensa ne zai gaya masa babu wannan kalmar, sai ya koma ya gyara da kansa. Ko gibin da rubutunmu yake da shi, na rashin nuna tsawon wasali da karin sauti, bai cika tare shi ba: a jimlar "Inna ta tankaɗe gari" ya san ba garin da ake zama a ciki ake nufi ba.

Wanda aka fara masa da Turanci kuwa ayyuka biyu aka ɗora masa lokaci guda, koyon haruffa da koyon harshen da bai taɓa magana da shi ba, ga shi kuma rubutun Turanci ba ya bin sauti sau da ƙafa, harafi ɗaya yakan ba da sauti uku ko fiye. Abin da yakan biyo baya shi ne hadda. Malami ya faɗa, aji ya amsa, yaro ya rera shafi guda ba tare da idonsa yana kan layin ba, kowa ya ɗauka ya iya.

An daɗe da gwada wannan a Nijeriya. A shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da wasu yara da Yarabanci duk shekaru shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin.

Sai dai hanyar Hausa tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne makarantu suke tuntuɓe. Dole a riƙa koyar da Turanci na baka tun aji ɗaya, domin iya haɗa haruffa yana bin yaro zuwa sabon harshe, amma kalmomi ba sa bin sa. Wanda aka juya masa komai zuwa Turanci a aji huɗu ba tare da wannan shiri ba zai furta abin da bai fahimta ba. Sannan a koya masa wuraren da rubutun biyu suka saɓa, kamar harafin c, wanda a Hausa yake ba da sautin farkon kalmar ciki, a Turanci kuwa yakan zama k ko s. Idan kuma yaro Fulatanci ko Barbarci yake ji a gida, Hausa ma baƙuwa ce a wurinsa.

Game da iyaye, a ganina damuwarsu tana da tushe, tunda jarrabawar WAEC da ta JAMB da Turanci ake rubuta su, don haka kada ki fara da musu. Ki fara da cewa burinku ɗaya ne, sannan ki nuna musu jadawalin da yake ɗauke da darasin Turanci kullum. Bayan haka ki gayyaci uba ya rubuta jimla biyu da hannunsa, waɗanda ba sa cikin littafin aji, misali "Audu ya tafi kasuwa. Ya sayo gishiri da manja." A ba yaro ya karanta, a tambaye shi abin da Audu ya sayo. A yi irin wannan gwajin da jimlar Turanci ga yaron da ya fi rera shafi. Ki yi musu alkawarin maimaita gwajin a ƙarshen kowane zango, a gabansu, da sababbin jimloli a harsunan biyu.