Gargaɗi ga masu sayen iPhone ta hoto: ku faɗi abin da bai fito ba

Akwai masu tallar wayoyin hannu a WhatsApp da Facebook da ba sa yin ƙarya da baki, hoto suke sa wa ya yi musu. Za a turo maka hotuna huɗu ko biyar na iPhone 12 tana sheƙi, a ce ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami, a sa maka ita a mota. Wayar tana nan, hotunan ma nata ne. Sai dai kowanne an datse shi, ko an karkata shi, ko haske ya faɗa daidai wurin da aibin yake.

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne su ce "hoton bai fito sosai ba, turo wani". Wannan magana ta ba shi ƙofa. Zai turo wani mai kyau fiye da na farko, wanda shi ma ya ɓoye abu ɗaya, kai kuma kunya ta hana ka tambaya karo na uku. Abin yi shi ne ka kira abin da ya ɓace da sunansa, ka faɗi inda yake.

Mu ɗauki hoton da aka datse, don nan aka fi cutar mutane. Ya turo maka shafin Settings > General > About, ka ga Model Name da Serial Number, hoton ya ƙare a nan. To, abin da ya yanke shi ne mai muhimmancin. Tun daga iOS 15.2, idan an canja wa iPhone 12 sikirin ko batir ko kyamara, wani sashe yakan fito a wannan shafi mai suna Parts and Service History, kuma idan kayan ba na asali ba ne sai ya rubuta Unknown Part. Can ƙasa kuma akwai Carrier Lock. Idan ba a rubuta No SIM restrictions ba, wayar a ɗaure take da wani kamfanin waje, layinka ba zai hau ba. Don haka ka rubuta masa: "Malam, hoton ya tsaya a Serial Number. Ban ga abin da ke ƙarƙashinsa ba, ban ga Carrier Lock ba, ban ga IMEI ba. Yi min bidiyo kana jan shafin daga sama har ƙasa ba tare da yankewa ba." Haka idan an yanke saman shafin Settings, inda sunan mai iCloud yake fitowa. Waya da iCloud ɗin wani a kanta, ranar da aka goge ta sai ta kulle, ba ka da mabuɗi.

Na karkace kuwa yawanci gefe yake ɓoyewa. Batir idan ya kumbura yakan ɗaga sikirin ya bar 'yar tsaga tsakaninsa da jiki, wadda ba a ganinta daga sama. Ka ce: "Gefen dama kawai na gani. A kwantar da ita a tebur, a ɗauko min gefe huɗun a miƙe." Idan iPhone 14 ce mai LL/A a ƙarshen Model Number, wato ta Amurka, ka nemi gefen hagu musamman, domin ba a yi ta da wurin sa sim ba.

Sai ɗaukar ido. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, guda 15 ce. Idan haske ya cinye uku a tsakiya, ba ka da abin da za ka bincika, kuma ba aikinka ba ne ka cike gurbin da zato. Ƙirga su, ka faɗa masa: "Na karanta shida na farko da shida na ƙarshe, uku na tsakiya haske ya rufe." Ya shiga inuwa, ya kashe fitilar kyamara, ya danna `*#06#` a cikin bidiyo, sannan ya zaro abin sa sim ɗin, domin a iPhone 12 an zana lambar a jikinsa. Su zo ɗaya da ta kwali, in akwai kwalin. Hasken da ya kwanta a kan sikirin kuma yana rufe koren layi da baƙin tabo, maganinsa a buɗe farin shafi, a ƙure hasken wayar, a ɗauka a ɗaki.

Ba kowane mummunan hoto ne damfara ba, wasu dai ba su iya ɗauka ba ne. Amsar ce ke raba su. Mai gaskiya zai turo abin da ka ambata cikin 'yan mintuna. Ɗan damfara zai turo sabon hoto da gurbin yana nan daram, ko ya ce wayar tana shago an rufe, ko "Alhaji wani na jira, in ba ka so ka faɗa". Idan ka ambaci abu ɗaya sau biyu bai fito ba, kada ka tura ko sisi. In kana Kano, ka ce ku haɗu a Farm Centre a duba ta gaban mai gyaran da ka zaɓa da kanka.