Ɗigo ko kwarin kunya: rijiyarka ce za ta zaɓa maka

"Salamu alaikum. Ina da lambu mita 20 a 25 a wajen Rigachikun, ƙasar da ɗan yashi-yashi. Tumatir da attaruhu nake yi, ina ja daga rijiya da inji mai inci 2, amma da Maris ya shigo sai ruwan ya ja baya. In ci gaba da sakin ruwa a kwarin kunya, ko in koma na ɗigo? Ance yana rage kuɗin fetur sosai."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A naka yanayin ɗigo zan zaɓa, wato ban ruwa ta bututu mai ƙananan ramuka da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, amma ba saboda fetur ba. Saboda rijiyar ce. Bari mu yi lissafin a kan filinka, don ka ga inda bambancin yake da gaske.

Filinka murabba'in mita 500 ne. Tumatir da ya rufe ƙasa, yana fure yana ɗaura 'ya'ya, a ranin Kaduna yana shan kusan milimita 6 a rana, kuma ya kan kai 7 idan hunturu ya wuce zafin Maris ya kama. Milimita ɗaya ta ruwa ita ce lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, don haka abin da shukarka ke sha a rana ya kai lita 3,000. Wannan adadin ba ya canjawa ko ta wace hanya ka kai ruwan. Abin da ke canjawa shi ne yawan da za ka ɗebo kafin lita 3,000 ɗin nan su isa saiwa.

A kwarin kunya, musamman a ƙasa mai yashi, abin da ke amfanar shuka bai cika wuce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ba. Sauran ya kan nutse ƙasa da inda saiwa take, ko ya tsiyaye a hanyar ruwa kafin ya iso, ko ya taru a ƙarshen kwari. Idan muka ɗauki kashi 55, kana buƙatar wajen lita 5,500 a rana, wato lita 22,000 idan duk kwana huɗu kake shayarwa. Ɗigon da aka shimfiɗa daidai yana kai kusan kashi 90, don haka lita 3,300 sun isa, a Maris kuma wajen 3,900.

To ga maganar fetur. Injin inci 2, idan ya ja daga rijiya ya tura ta tiyo, mu ce yana ba da lita 300 a minti. Lita 22,000 za su ci masa minti 73. Cika tanki na kwana huɗu, lita 13,200, zai ci minti 44. Rabin sa'a ke nan ka rage duk kwana huɗu. Ragi ne, amma shi kaɗai ba zai mayar maka da kuɗin tanki da bututu da matatar ruwa cikin rani ɗaya ba. Duk mai sayar da kaya da ya ce maka fetur kaɗai zai biya, ka sa shi ya yi maka lissafin a gabanka.

Inda ɗigo ya yi wa kwari fintinkau a wurinka shi ne yadda ruwan ke zuwa. Kwarin kunya yana son ruwa mai yawa a lokaci guda, ya ruga da ƙarfi har ya kai ƙarshe. Idan ruwan ya zo kaɗan-kaɗan, sai yashin farkon kwari ya shanye shi, tumatir na bakin hanya ya yi ta iyo, na can ƙarshe yana yaushi da azahar. Rijiya kuwa ba ta bayarwa haka. Inji ya kan zuƙe ta cikin 'yan mintuna, ya fara jan iska, sai ka kashe ka jira ta sake tarawa. Gwada taka a lokacin da ta fi ja baya: ka ja da asuba cikin tanki ko durom-durom har ta ƙare, ka ƙirga, ka sake da yamma. A ce ta ba ka lita 2,000 da safe, 2,000 da yamma. Da lita 4,000 a rana, ɗigo zai riƙe maka filin gaba ɗaya har Maris, da kyar dai amma zai riƙe. Kwari kuwa murabba'in mita 360 kawai zai iya ɗauka a lissafin milimita 6, sauran filin sai ka sallama, kuma daidai lokacin da 'ya'ya ke cika ne ruwan zai gaza.

Ga yadda shimfiɗar za ta kasance. Layi 20, kowane mita 25, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, bututun ɗigo mita 500 ke nan. Idan ramukan ɗigon suna kowane santimita 30, kana da kusan 1,660. A matsin tankin da aka ɗaga mita 2, kowane rami ya kan ba da abin da bai wuce lita ɗaya a sa'a ba, sau da yawa ma ƙasa da abin da aka rubuta a jikin kwalin, domin wancan adadin an auna shi ne da matsin da ya fi na tanki nesa ba kusa ba. Idan lita ɗaya ce, sa'a biyu a rana sun ishe ka: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ana cika tanki mai lita 2,000 sau biyu. Ka ga ya zo daidai da yadda rijiyar ke bayarwa. Ka kuma tuna tankin nan idan ya cika nauyinsa tan biyu ne. Kada ka ɗora shi a kan katakon da kafinta ya haɗa da ƙusa. Ginin bulo ko ƙarfen da aka yi wa walda ake yi masa.

Yanzu sai inda ɗigo ke ba da ciwon kai, don a nan mutane da yawa suke naɗe bututunsu su jingine. Toshewa ce. Hanyar da ruwa ke bi a cikin ramin ɗigo ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan yashi ko gansakuka ya isa ya rufe ta, kuma ba za ka gani ba sai shukar ta nuna maka, lokacin an riga an yi asara. Dole ka sa matata a bakin tanki, wadda ake rubuta wa 120 mesh, ka riƙa cire ta kana wankewa da tsohon buroshin haƙori. A Maris, sa'ad da inji ke kwaso laka daga gindin rijiya, wankin kullum ne. Idan ka cika tanki, bar ruwan ya kwanta kafin ka buɗe, kuma bakin fitar ruwa ya ɗan ɗaga sama da gindin tankin don lakar ta zauna ƙasa. Tankin ya zama baƙi, a rufe, saboda hasken rana ne ke haifar da gansakuka. Duk mako ka warware ƙarshen kowane layi ka bar ruwa ya fita. Da farko za ka ga ya fito ja-ja kamar kunun kanwa, ka jira har ya washe sannan ka ɗaure.

Akwai gwajin da nake so kowa ya saba da shi. Ka samo gwangwanayen madara guda tara, ka zaɓi layi uku, ka sa ɗaya a ƙarƙashin ramin farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. Ka buɗe ruwa minti shida, ka auna da sirinji ko kofin awon magani. Ramin da ke ba da lita ɗaya a sa'a zai tara mililita 100. Idan na ƙarshen layi duk sun gaza na farko da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, matsi ne bai isa ba: raba filin gida biyu da famfo, ka shayar da layi goma-goma. Idan kuwa ƙarancin a warwatse yake, nan cike can rabi, toshewa ce ta fara. Idan duka suka ragu tare, je ka duba matatar.

Taki ma yana da nasa sharaɗi. Yuriya tana narkewa tas, za ka iya narkar da ita a bokiti, ka tace da ƙyalle, ka zuba a tanki. NPK 15-15-15 na buhu kuwa ba ya narkewa duka, yana barin gari, kuma garin nan ramukan zai nufa. Shi a ƙasa ake sa shi, kusa da inda ɗigon ke jiƙawa, domin idan ka watsa shi a busasshen tsakanin layi zai zauna nan har damina. Sai ɓeraye da gafiya, waɗanda ƙishin rani ke sa su huda bututu, da fartanyar ɗan ƙodago da bai saba ba. Ka ajiye 'yan mahaɗan bututu a aljihu. Siririn bututu mai araha kuma kada ka sa ran zai wuce rani biyu ko uku, ko da kana naɗe shi ka ɓoye a inuwa.

Kwarin kunya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fartanya da tiyo ne jarinsa, ruwan laka bai dame shi ba, kuma kowane yaro a lambu ya iya shi. Da a bakin kogin Kaduna kake, ko kan Galma a Zariya, ƙasarka laka mai riƙe ruwa, da na ce ka zauna inda kake, ka dai gyara aikin: ka daidaita ƙasa, ka yanke kwarin kada ya wuce mita 10 zuwa 12, ka kai ruwa da tiyo har bakin kwari maimakon hanyar ƙasa. Haka mai albasa ko latas a fangali, inda shuka take a cunkushe, bututun da zai buƙata ya ninka naka. Kuɗin da kwari ke ci a ɓoye yake: ciyawa tana fitowa ko'ina ruwa ya taɓa, taki yana bin ruwa ya nutse, sannan ga jiƙa yau, bushe jibi. Wannan hawa da saukar ne ke sa tumatir tsagewa, yana kuma jawo baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, wanda ake ta fesa wa magani a banza alhali ba ƙwaro ba ne ba kuma cuta ba; sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba saboda ruwa na yankewa. Tsutsar Tuta absoluta kuwa, wadda ta yi wa tumatirin jihar nan ɓarna a 2016, ba ruwanta da yadda kake ban ruwa, kowanne ka zaɓa sai ka yi tsaronta.

Idan kuɗin ba su kai na fili duka ba, sayi tanki da matata da babban bututu na girman fili duka, amma ka shimfiɗa layi goma kawai a ɓangaren da ya fi yashi, sauran goman su ci gaba a kwari. Hakan zai sauko da buƙatarka zuwa wajen lita 4,400 a rana. Kuma a makonni biyun farko bayan dashe kada ka ba da sa'a biyun nan, rabinta ya isa. Ka tona da hannu kamu ɗaya a gefen shuka, idan ƙasar ta dunƙule a tafinka ba ta ɗiga ba, ruwan ya yi daidai.